Kafin ka tura abans, ka sa Alhaji ya amsa maka a rubuce

Salamu alaikum Yaya. Ni ɗan kasuwa ne a nan Tawa, ina da ƴar kankayari ina saida kayan gini. Akwai wani Alhaji a Yamai da nake ɗaukar ƙarfe wajenshi shekaru da dama, mutumin kirki ne, har bashi yana ba ni. Watanni uku da suka wuce na yi komand na ton 6 na ƙarfe mai lamba 12 ta waya, ya ce min jika 550 ton, na tura abans. Ya ce sati mai zuwa, kayan ba su zo ba sai bayan kwana 19, da suka zo sanda 540 na ƙirga, kuma faktir ta zo da harajin TVA a sama, direba ma ya ce ni zan biya shi kuɗin mota. Mun yi ta ka ce na ce, na biya dan kar zumunci ya ɓaci amma raina bai so ba. Yanzu ina son in sake komand na ton 5, yaronshi mai riƙe da lissafi yana da imel, an ce in rubuta amma ban san mi zan sa ciki ba kuma ina tsoron Alhaji ya ga kamar ban yarda da shi ba. Ya zan yi?

Ƙaninka daga Tawa

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka cikin nema. Ka rubuta, kar ka yi wata-wata, kuma kar ko dala ta fita daga hannunka sai amsa ta dawo a rubuce. Wannan shi ne gaba ɗaya shawarata, sauran duk bayani ne na yadda za ka rubuta ta yadda kowane layi fassara ɗaya kawai zai ɗauka.

Bari in fara da abin da ya fi damunka, maganar kunyar Alhaji. Ni ban ga alamar ya cuce ka da gangan ba, abin da na gani shi ne kowa ya kashe waya da nashi lissafi a kai, kai ka ji farashi har ƙofar shagonka, shi kuma a bakinshi farashin bakin magaza ne, kuma duk ku biyu kuna iya rantsuwa ba ku yi ƙarya ba. To irin wannan rubutu ne maganinshi. Kuma ai ba baƙon abu ba ne gare mu, ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi in an ƙulla shi zuwa wani ajali, kuma cinikin da ka ba da kuɗi yau kaya su zo bayan kwanaki, ko kaya su zo yau ka cika kuɗi daga baya, ai bashi ne a wuyan ɗayanku. Ka kira shi tukuna ku gaisa yadda kuka saba, ka tambayi iyali, ku gama ciniki da baki, sannan a ƙarshe ka ce "Alhaji zan tura wa yaronka abin da muka tsaida a rubuce dan kar in manta, dan Allah a duba in na yi kuskure a gyara min". Ka ga ka ɗora abin a kan kanka, ba ka tuhumi kowa ba. Babban ɗan kasuwa da yake sallamar motoci da yawa a rana shi ma sauƙi ne gare shi, dan ba kai kaɗai yake ma alkawali ba.

Yanzu farashi, nan ne kuɗi suka fi zubewa. Abu na farko ka rubuta shi da lambobi cikin sefa, cikakke, 550.000 F, kar ka rubuta shi yadda muke faɗa a kasuwa. Ka san mu nan da dala muke ƙirga, in ka ce dubu wani zai ji 5.000 F dan dala dubu ke nan, wani kuma wanda ya saba da lissafin takarda zai ji 1.000 F, to a ciniki na miliyoyi wannan ba ƙaramin rami ba ne. Abu na biyu ka faɗi farashin na mi ne, na ton ɗaya ko na sanda ɗaya. Na uku, wanda ya cije ka, ka rubuta ko da haraji ciki ko babu. A kan faktir za ka ga HT, wato ba a sa haraji ba, da TTC, wato an haɗa komi. TVA a Nijar kashi 19 cikin 100 ce a kan yawancin kaya, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar kasuwanci ta OHADA da Nijar take aiki da ita, wadda aka sabunta a 2010, ta ce farashin da aka faɗa cikin ciniki tsakanin ƴan kasuwa ana ɗaukarshi a matsayin wanda ba haraji ciki in ba a bayyana akasin haka ba. Ma'ana da kun je gaban alƙali a kan wancan ciniki, a wannan gaɓa Alhaji ne zai fi ka ƙarfi. Shirun da ka yi a kan TVA shi ya ja maka, saboda haka wannan karo kai za ka fara ambatonta.

Mu yi lissafin tare a kan ton 5 ɗin da kake so, in farashin bai motsa ba. Ton 5 sau 550.000 F ya ba da 2.750.000 F, wannan HT ne. TVA a kai 522.500 F. Jimla 3.272.500 F TTC. Duka lambobin nan uku ka sa su cikin imel ɗin, kar ka sa ɗaya ka bar sauran, saboda in akwai saɓanin fahimta nan take zai fito, yaron Alhaji na ganin jimlar da ba ta yi daidai da tashi ba zai kira ka, kuma gara ya kira ka yau kuɗinka na aljihunka da a ce ranar da kamiyo ke tsaye ƙofar shago direba na jiran a sallame shi. Ka kuma nemi su turo maka furoforma, wato faktir da ake badawa kafin a biya, mai ɗauke da lambarsu ta haraji wato NIF, dan in mutum ya karɓi TVA hannunka ya kamata ta fito a faktir ta gaskiya, kai ma in kana tsarin da ake cire TVA sai da wannan takarda kontabul ɗinka zai iya yi maka aiki da ita.

Sai kuɗin mota. Yamai zuwa Tawa tafiya ce ta sama da kilomita 500, ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, sannan a karkata arewa, ba abin da za a bari a "za mu gani" ba ne. Ka rubuta wa zai biya mota, nawa ne, wa zai biya ƴan dako wajen lodi a Yamai, wa zai biya na sauke kaya a Tawa. Akwai kuma abin da ya fi kuɗin motar nauyi, wato in wani abu ya samu kayan a hanya asarar wa ce. A ƙa'idar dokar nan, in ciniki ya ƙunshi a ba mai mota kaya kuma ba a faɗi wani wuri na musamman da za a damƙa su ba, da zarar mai saidawa ya miƙa su ga mai motar farko to ya sauke nauyinshi, abin da ya faru bayan nan a wuyan mai saye yake. Saboda haka in kana son nauyin ya zauna kan Alhaji har kayan su iso, sai ka rubuta ƙarara cewa wurin damƙa kaya shi ne shagonka a Tawa, ka faɗi unguwa. In bai yarda ba ya ce shi iyakarshi bakin magaza, ba laifi, haƙƙinshi ne, amma ka san haka tun yanzu sai ka zaɓi direban da ka sani da kanka.

Mu zo kan yawan kaya, nan ina son ka natsu sosai dan ƙarfe yana da wayo. Kalmar ton kaɗai ba ta isa ba. Ƙarfe mai lamba 12 na gaskiya, wato mai kaurin milimita 12, mita ɗaya tana da nauyin wajen giram 888, sanda mai mita 12 ke nan kilo 10 da giram 660 haka, in ka raba kilo 1.000 da wannan za ka samu sanda 94 a ton, ko ƙasa da haka da ɗan kaɗan. To ka ga ton 6 ya kamata ya ba ka wajen 563, abin da ka ƙirga kuwa ya nuna an yi maka lissafin sanda 90 a ton. Wasu magaza haka suke yi, ba sa aunawa, suna da adadin da suka tsaida suna kiranshi ton, kuma in ba ka tambaya ba ba wanda zai gaya maka. A farashin da ka saya sanda ɗaya ta haura 5.800 F tun kafin haraji, sanda 23 da suka ɓace sun fi 130.000 F, ribar kwana nawa ke nan a shago?

Akwai kuma ta ɗaya gefen, wadda ta fi wannan muni. Wani lokaci sandunan za su zo da yawa har ka ji daɗi, ka ƙirga ka samu 110 a ton, to kar ka yi murna, alama ce ƙarfen bai cika 12 ba ko tsawon bai kai mita 12 ba. Gane shi ba wuya, ka sa a yanko mita ɗaya daidai ka ɗora a sikeli, in ka ga yana wasa kusa da giram 888 lahiya lau, ɗan bambanci kaɗan ba komi, amma in ka ga wajen giram 750 to milimita 11 aka kawo maka da sunan 12. Wannan ya wuce maganar riba, dan magini zai zuba shi cikin dal ko ginshiƙi mutane su kwana ƙarƙashi, kuma sunan shagonka za a kira. Shi ya sa a imel ɗin za ka haɗa abu huɗu a layi ɗaya: kauri, tsawon sanda, nauyi, da adadin sanda. Ton 5 na lamba 12 mai mita 12 wajen sanda 469 ne. Ka kuma faɗi wanne za a bi in an samu saɓani, awo ko ƙirga. Ni ƙirga nake ba ka shawara tare da gwajin mita ɗaya, dan ƙirga kowa na iya yi a ƙofar shago gaban direba, sikelin da zai auna mota guda kuwa ba ko'ina ake samu ba.

Ranar kawo kaya kuma, "sati mai zuwa" da "bayan Juma'a in sha Allahu" duk ka bar su a waya. Ka rubuta sunan rana da kwanan wata da shekara, kuma ka bayyana ranar tashin mota ce daga Yamai ko ranar isowa Tawa, dan mai saidawa kusan kullum ranar lodi yake nufi, mai saye kuma ranar sauka. In ba a sa rana ba doka cewa take a kawo cikin lokacin da ya dace, to wa zai yanke maka mi ya dace, kai ka ce kwana 7 shi ya ce wata guda. Ka ba da ɗan sarari dan hanya hanya ce, mota na lalacewa, ana tsaida ta, amma sararin ma ka sa mishi iyaka kuma ka faɗi abin da zai biyo baya in an wuce ta. Ba sai ka sa tara ba, tsakaninka da mutumin da ke ba ka bashi tara za ta yi nauyi, ya isa ka ce in an wuce rana kaza kana da zaɓin fasawa a maido maka abans.

Ga yadda zan rubuta in ni ne. A wurin Objet ka sa abin da za ka iya nemowa bayan shekara, kamar "Komand ƙarfe 12, ton 5, Tawa, 07/04/2026". Ranakun misali ne, ka sa naku. Cikin saƙon kuma:

"Salamu alaikum, ina gaida Alhaji. Ina tabbatar da abin da muka tsaida ta waya yau Talata 7 ga Afrilu 2026.

Kaya: ƙarfen gini mai kaurin milimita 12, sanda mai tsawon mita 12, ton 5, wato sanda 469. Za a ƙirga wajen saukewa, adadin sanda za a bi.

Farashi: 550.000 F ton ɗaya HT. Ton 5 ya kama 2.750.000 F HT, TVA 19% 522.500 F, jimla 3.272.500 F TTC. Wannan farashi ba zai canza ba har a kawo kaya.

Biya: abans 1.000.000 F da zarar kun amsa wannan saƙo, sauran 2.272.500 F bayan an sauke an ƙirga.

Mota: lodi a Yamai naku ne, kuɗin mota 150.000 F ni zan ba direba a Tawa, sauke kaya nawa ne. Kayan na wuyanku har su iso shagona.

Rana: kaya su iso Tawa ranar Alhamis 16 ga Afrilu 2026. In sun wuce Alhamis 23 ga Afrilu ina da zaɓin fasawa a maido min abans cikin kwana 7.

Dan Allah ku amsa min a nan cewa kun yarda kafin Alhamis 9 ga Afrilu, in akwai gyara ku faɗa."

Shi ke nan, bai wuce allon waya biyu ba. Kuɗin motar da na sa misali ne kawai, ka sa abin da kuka shirya. In yaron Alhaji ya fi sakewa da Faransanci ka sa a juya maka shi, amma wanda zai juya ya zama ka yarda da shi kuma ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya da idonka kafin a tura, sifiri ɗaya in ya faɗi ko ya ƙaru kai ne ka sa hannu a kai. Layin nan na "farashi ba zai canza ba" kar ka raina shi, ƙarfe kaya ne da ake shigowa da shi ko da kayan haɗa shi daga waje, in hanya ta toshe ko iyaka ta rufe farashi na iya tashi cikin kwana biyu, kuma a nan ne ake jin "ai da muka yi magana kaya ba su hau ba".

To yanzu gaɓar da mutane suka fi faɗuwa. Sun rubuta saƙo mai kyau, sun tura, ba a amsa ba, sai su ce ai ya gani bai ce komi ba, ya yarda ke nan, su tura kuɗi. A'a. Dokar nan ta faɗa a fili cewa shiru ko rashin yin komi shi kaɗai ba ya zama yarda. Imel ɗin da ba a amsa ba shaida ce kawai ta abin da kai ka ce, ba ta ɗaure Alhaji da komi ba. Abin da kake nema kalma biyu ce, "na yarda", ko a Faransanci su rubuta "Bon pour accord", ta hanyar danna Répondre a kan saƙonka dan amsar ta zauna manne da abin da aka amsa. In sun iya buga shi a takarda Alhaji ya sa hannu a buga tampo a ɗauki hoto a maido maka, ya fi ƙarfi, musamman tunda imel ɗin na yaronshi ne ba nashi ba, kar gobe a ce yaro ne ya amsa ba da sanin mai gida ba. In haka ta yi wuya, ka tura ma Alhaji hoton saƙon a Watsap ya yi maka ko da bokal ne yana cewa ya ji ya yarda, ka adana. Tsakanin ƴan kasuwa doka ta yarda a kafa hujja ta kowace hanya har da ta lantarki, saboda haka wannan duk shaida ce, sai dai wata ta fi wata.

Ka kuma karanta amsar da kyau, kar ka tsaya a kalmar farko. In suka ce "to mun yarda, amma mota sai 20 ga wata" ko "mun yarda sai dai sanda 450 ne", wannan ba yarda ba ce, sabon tayi ne suka miƙo maka, kuma in ka tura abans bayan wannan saƙo ba ka ce komi ba to za a ɗauka nasu sharaɗin ka karɓa. Haka in furoforma ta zo da lambobi daban da na imel ɗinka, kar ka ce ai mun riga mun yi magana, ka tsaya a daidaita su tukuna. Duk canjin da aka yi ta waya daga baya, ko na kwana ɗaya ne, ka koma kan wannan zaren saƙon ka rubuta layi ɗaya "kamar yadda muka yi magana yanzu, rana ta koma kaza, sauran sharuɗɗa na nan yadda suke", su sake amsawa.

Wani abu da nake roƙonka, in saƙo ya zo maka da sunansu ana cewa an canza lambar kont ko lambar da za ka tura kuɗi, kar ka tura sai ka kira Alhaji a lambar da ka sani tun da, ka ji daga bakinshi. Ɓarayi na shiga akwatin imel na mutane su jira daidai lokacin biya.

Ranar da kamiyo ya iso kar ka sa hannu a takardar karɓar kaya sai an gama ƙirga, ko da direba na gaggawa. In an samu 460 maimakon 469 ka rubuta "na karɓi 460" a jikin takardar da hannunka, direba ya sa hannu kusa, ka ɗauki hoto ka tura kan zaren imel ɗin a ranar, sannan ka cire kuɗin sanda 9 daga sauran da za ka biya ka gaya musu lissafin. Doka ta ba mai saye wata ɗaya daga ranar karɓa ya sanar da aibin da ido ke gani, in ya wuce haƙƙin ya faɗi, shi ya sa na wancan karo da ya kwana wata uku ban ce ka tada shi da sunan shari'a ba. Amma ba abin da ya hana, bayan an gama wannan ciniki lahiya kuma Alhaji ya ga lissafin 94 a ton da idonshi a rubuce, ka ambata mishi cikin ladabi cewa wancan lodin a 90 aka yi maka, ka bar mishi ya duba littafinshi.